Mutum 60, kwamiti huɗu, wuni ɗaya: yadda muka tsara lokacin intabiyu

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda suka ce data ba ta barin su saurara har ƙarshe.

Yau maganar ranar ɗaukar aiki za mu yi, amma ba daga ɓangaren mai neman aikin ba. Daga ɓangaren wanda aka miƙa wa jerin sunaye aka ce, "Ga su nan, ka tsara mana yadda za mu gan su." Ni an taɓa miƙa min irin wannan jerin sau biyu. Na farko na sha kunya, na biyu kuma na fita kunya, kuma abin da ya bambanta su lissafi ne wanda bai wuce na ɗan firamare ba.

Ina aikin ofis a wata makarantar kuɗi, ba zan faɗi sunanta ba. Firamarenmu tana Gyadi-Gyadi, ciki kaɗan daga titin Zariya, sakandaren kuma tana Tarauni. Duk watan Agusta, kafin a koma sabon zango a Satumba, muna ɗaukar malamai.

Karon farko abin da na yi shi ne abin da kowa yake yi. Na tura wa kowa saƙo iri ɗaya: ka zo ranar Asabar ƙarfe 8:00 na safe. A raina na ce kowane mutum minti goma ya ishe shi, kafin Azahar mun watse. Kuma na raba kwamitocin gida biyu, masu neman firamare a Gyadi-Gyadi, masu neman sakandare a Tarauni.

To, ƙarfe takwas ta yi, mutum sama da hamsin sun cika farfajiya, kujerun da muka fito da su ba su kai talatin ba. Wasu sun tafi reshen da ba nasu ba, sai da suka sake hawa adaidaita sahu. Shugabar makarantar kuma ta ce ba a ganin kowa sai tana zaune, ga shi ita ɗaya ce, rassan biyu ne. Kwamitin Tarauni suka harɗe hannu suna jiran ta har wajen sha ɗaya. Ba mu gama ba sai bayan Magariba. Waɗanda aka gani da safe sun samu kusan rabin awa kowanne, na ƙarshe kuwa ko minti biyar ba su samu ba, an gaji, ana tambaya ana kallon agogo.

Abin da ya fi ci min rai shi ne wata malamar lissafi. Takardunta sun fi na kowa kyau a waɗanda suka nemi gurbin. Tun kafin takwas ta zo da goyo a bayanta. Wajen ƙarfe biyu ta same ni ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, yaron nan ya jigata, zan tafi." Na ce mata saura kaɗan, alhali ni kaina ban san ko mutum nawa ne a gabanta ba. Ta tafi. Da na kira ta bayan kwana huɗu, wata makarantar ta riga ta ɗauke ta. Ɗalibanmu na ƙaramar sakandare sai da suka yi makonni babu tsayayyen malamin lissafi. Ba kwamiti ne ya ƙi ta ba, tsarina ne ya kore ta.

Da shekara ta zagayo aka sake ba ni jerin, mutum 60 cif. Wannan karon kafin na tura wa kowa saƙo sai na zauna da biro da takarda.

Tambayar farko da na yi wa kaina: mutum ɗaya minti nawa yake ci a gaskiya? A nan kowa yake faɗawa rami. In ka tambayi ɗan kwamiti zai ce maka minti 15. E, hirar kanta minti 15 ce. Amma bayan mutum ya fita, 'yan kwamiti uku sai kowa ya rubuta makinsa, su ɗan yi magana, wannan minti uku ne. Sannan a kira na gaba, ya taso, ya yi sallama, a gaisa, a buɗe fayil ɗinsa, minti biyu ke nan. Ka ga gurbin mutum ɗaya minti 20 ne, ba 15 ba. Wannan biyar ɗin da ake mantawa, in ka ninka ta sau 15, awa ɗaya da kwata ce ta ɓace maka ba ka san inda ta shiga ba.

Tambaya ta biyu: wunin kansa minti nawa ne? Ba daga safe zuwa dare ba, a'a, lokacin da kwamiti zai zauna da hankalinsa a jikinsa. Mun ce a fara 9:00, a tashi 1:00 don sallar Azahar da cin abinci, a dawo 2:00, a rufe 4:00 a tafi La'asar. Na safe awa huɗu, na rana awa biyu, jimla minti 360. Raba 360 da 20, ka samu gurbi 18 ga kowane kwamiti: 12 da safe, 6 da rana.

Amma kar ka cika 18 ɗin nan da mutane. Wannan ita ce maganar da nake so ku riƙe. Jadawalin da aka cika shi fal kamar motar haya ce da aka yi wa lodi har kan rufi, rami ɗaya ya ishe ta. Dole wani zai yi dogon bayani, wani zai makara, wani ɗan kwamiti za a kira shi a waya. Don haka na bar gurbi uku babu kowa: na 10:40, na 12:40, da na 3:40. Duk jinkirin da ya taru, in an iso wannan gurbin sai ya haɗiye shi. Saura 15 ke nan. Kwamiti ɗaya mutum 15 zai iya gani a wuni, a natse.

Mu kuma kwamiti uku muka saba yi: na kimiyya da lissafi, na harsuna da sauran darussa, da na firamare. Uku sau 15, 45. Mutanena 60. Tun a kan takarda ka ga mutum 15 ba su da wurin zama. Hanyoyin da suka rage huɗu ne kawai: ko a rage jerin sunayen, ko a rage mintocin, ko a ƙara rana, ko a ƙara kwamiti. Na kai wa shugaba takardar na ce, "Hajiya, ga lissafin, a zaɓi ɗaya." Ta zaɓi ƙarin kwamiti.

Sai dai fa, huɗu sau 15 ya ba da 60 a baki ne kawai, don mutane ba sa rabuwa daidai wa daida. Masu neman firamare 30 ne, na harsuna 18, na kimiyya 12.

Na firamare babu matsala, kwamiti biyu, kowanne 15. Abin da na kiyaye kawai shi ne adalci. Tambayoyi iri ɗaya, takardar maki iri ɗaya. Wajen rabon kuma ban zaɓa da hannu ba, na bi jerin: na ɗaya kwamitin farko, na biyu kwamiti na biyu, na uku ya koma na farko, haka har ƙarshe. Da yamma kuma mun duba matsakaicin makin kowane kwamiti kafin a haɗa sakamako, don in wani kwamitin mai sakin hannu ne wani kuma mai tsauri, wanda ya faɗa hannun mai tsauri an cuce shi ba da laifinsa ba.

Na kimiyya, da ka ji 12 za ka ce su ne masu sauƙi. Ina! Su kowa sai ya tashi ya koyar a gaban allo na minti goma, a ga yadda yake bayani. Gurbinsu ya zama minti 30. Raba 360 da 30, 12 cif, babu ko gurbi ɗaya na numfashi. Sai na roƙi wannan kwamitin su fara 8:30, muka samu gurbi na 13, na bar na 11:00 babu kowa.

Na harsuna kuma 18 ne a gurbi 18, su ma fal. Waɗannan ban taɓa su ba tukuna, sai da na ji amsar mutane. Zan dawo kansu.

Yanzu abin da ya hana kwamitin Tarauni aiki bara, wato mutum ɗaya da kowa yake buƙata. Ku duba tsarinku da kyau, duk inda kuka ga mutum ɗaya ko tebur ɗaya da kowane mai neman aiki sai ya bi ta kansa, to saurin ranar gaba ɗaya saurin wannan wurin ne, ko kwamiti goma kuka kafa. Na ce wa Hajiya ta zaɓi kwamiti ɗaya ta zauna, waɗanda suka yi fice a sauran kuma ta gan su ranar Litinin, mutum goma ko ƙasa da haka. Ta ɗan yi jim, sannan ta yarda. Kuma muka tattara kwamitocin duka a reshen Tarauni, saboda ya fi yawan ajujuwa. Wuri ɗaya, ƙofa ɗaya.

Akwai wani maƙogwaron da ba a cika lura da shi ba: teburin duba takardu. Kafin mutum ya shiga, sai an ga ainihin takardarsa ta NCE ko digiri, takardar bautar ƙasa ga wanda ya yi, shaidar rajistar malamai ta TRCN in yana da ita, a gwada da kwafin da ya turo. Wannan minti biyar ne ga mutum ɗaya, wato ma'aikaci ɗaya mutum 12 zai duba a awa. Kwamitocinmu kuma a awa ɗaya suna cin mutum 11: uku, uku, uku, da biyu na kimiyya. 12 da 11 sun yi kusa da yawa. Mutum ɗaya ya tsaya laluben takarda a jaka, kwamiti ya zauna babu kowa a gabansa. Sai na sa mutum biyu a teburin, na ce kuma su fara duba wanda zai fara shiga, ba wanda ya fara miƙo fayil ba.

To ƙarfe nawa za a ce wa mutum ya zo? Hanya biyu ce mutane suka sani, kuma duka biyun suna da illa. In ka tara kowa ƙarfe takwas, kwamiti ba zai taɓa rasa mutum ba, amma ka gasa jama'a. In kuma ka ba kowa ainihin mintinsa, ka ce wane 9:20, wane 9:40, to duk wanda ya makara ko bai zo ba, mutum uku manya za su zauna suna kallon ƙofa minti 20.

Wannan matsalar ba yau aka fara ta ba. A 1952, a Birtaniya, wani masanin ƙididdiga Norman Bailey, tare da wani mai suna Welch, sun yi nazarin layin marasa lafiya a asibiti. Shawarar da aka san su da ita har yau ita ce: a farkon zama a kira mutum biyu tare, daga nan a riƙa kiran ɗaya ɗaya a kan tazara. Ma'ana kullum akwai mutum ɗaya a ajiye a kan benci, likita ba ya zaman banza, jama'a kuma ba sa yini.

Ni sai na ɗauki tunanin na yi shi rukuni rukuni. Duk waɗanda za su shiga tsakanin 9:00 da 10:00, na ce su iso 8:30. Na 10:00 zuwa 11:00 su iso 9:30. Haka har ƙarshe. Kowane rukuni bai wuce mutum 11 ba, kujera 20 ta ishe mu har da saura. Wanda ya fi kowa jira, wato na ukun rukuninsa, ya zo 8:30 ya shiga 9:40, awa ɗaya da minti goma. In na farko bai iso ba, na biyu yana zaune, an riga an duba takardunsa, sai ya shiga.

Wa za a ba wane lokaci? Nan ma ba harafin suna na bi ba, adireshi na bi. Na kusa, 'yan Tarauni, Gyadi-Gyadi, Hausawa, Unguwa Uku, Darmanawa, su na ba rukunin farko, don ko ruwan Agusta ya sauko da safe za su iya isowa. Masu tasowa daga Wudil, Rano, Bichi, har da mutum biyu daga Zariya, na sa su tsakanin 11:00 da 12:20, su fito da gari ya waye, su koma da rana a sama. Masu goyo da masu juna biyu kuma, duk wadda ta faɗa mana, ita ce ta farko a rukuninta. Kun san dalili.

Ranar kanta ma sai an duba ta. Da farko an tsayar da Asabar ɗin ƙarshen wata. Ina cikin rubuta saƙo na tuna ai ranar tsaftar muhalli ce a Kano, ana hana zirga-zirga daga 7:00 zuwa 10:00 na safe. Da rukuni biyu na farko sun rushe tun kafin a fara. Muka dawo da ita Asabar ɗin da ke gabanta. Juma'a kuma ba ma sa ta a lissafi, don rabin wuni ce.

Ga masu amfani da Excel ko Google Sheets, abu biyu ne suka taimake ni, na rubuta muku su a nan. Na farko, ka rubuta 9:00 a A2, sannan a A3 ka sa wannan ka ja shi ƙasa, lokutan za su jeru da kansu:

```
=A2+TIME(0,20,0)
```

Na biyu, akwai masu neman gurbi biyu, misali mutum ya nemi koyar da Larabci a sakandare, ya kuma nemi aji a firamare. Sunansa zai fito sau biyu, wani lokacin ma da rubutu daban, nan Muhammad can Muhd. Don haka kar ka nemo su da suna, nemo su da lambar waya. In lambobin suna layin B:

```
=COUNTIF(B:B,B2)
```

Duk inda ya nuna 2, mutum ɗaya ne a kwamiti biyu. Na samu uku irin haka, ɗaya ma na sa shi 11:20 a ɗakuna biyu lokaci guda ban sani ba. Na gyara, na bar aƙalla gurbi ɗaya tsakanin shigarsa ta farko da ta biyu, don in kwamitin farko ya makara kar na biyu ya yi ta jira. Wato 60 ɗin nan kujeru ne, mutanen 57 ne. Kuma ku mai da layin lambobin wayar Text tun kafin ku fara shigarwa, in ba haka ba sifirin farko zai gudu.

Saƙon kuma kwana biyar kafin ranar na tura, ta tes da ta WhatsApp duka, don ba kowa ne yake da data kullum ba. A ciki akwai rana, lokacin isowa, reshen da za a zo da kwatancensa, lambar ɗakin kwamiti, takardun da za a riƙo na ainihi, da jimla ɗaya a ƙarshe: "Ka amsa da E ko A'a kafin Laraba da daddare." Waɗanda suka yi shiru na kira su ranar Alhamis. A nan ne mutum biyu daga cikin na harsuna suka ce sun samu wani wurin. 18 ta koma 16, na samu gurbi biyu, na ajiye su a 10:40 da 12:40 kamar na sauran. Da ba su janye ba, da su ma sai sun fara da wuri.

Ranar ta zo. Na ba wani matashi cikin ma'aikatanmu aiki ɗaya tak: ya tsaya a baranda da jadawali, duk wanda ya shiga ɗaki ya rubuta ainihin lokacin da ya shiga kusa da lokacin da aka tsara. In saura minti biyu hira ta ƙare, ya ƙwanƙwasa ƙofa sau ɗaya.

Wannan rubutun shi ne yake gaya maka ciwo tun yana ƙarami. Mutum na huɗu a kwamitin harsuna ya kamata ya shiga 10:00, bai shiga ba sai 10:15. Wato kowane mutum yana cin ƙarin minti biyar. In aka tafi a haka, mutum 16 sau biyar, awa ɗaya da minti 20 ke nan, gurabe biyun da na bari ba za su iya shanye shi ba. Na leƙa na saurara, ashe shugaban kwamitin ne yake ba kowane mai shigowa tarihin makarantar tun daga kafuwarta. Da mutumin ya fito na shiga na ce, "Ranka ya daɗe, tarihin nan a bar min shi, zan riƙa faɗa musu a waje rukuni rukuni." Ya yi dariya ya ce to. Gurbin 10:40 ya cinye yawancin jinkirin, kafin Azahar sun dawo kan layi.

Masu makara kuma doka ɗaya muka yi musu, kuma tana cikin saƙon tun farko: wanda ya makara ba a kore shi ba, amma ba zai ture wanda ya zo a kan lokaci ba, zai jira gurbin da babu kowa na gaba. Wani ya taso daga Rano, motarsu ta lalace a hanya, lokacinsa 11:40, bai iso ba sai 12:15. Ya shiga 12:40. Babu rigima, babu roƙo, babu "ka san ni ɗan wane ne".

Mutum biyar ba su zo ba duk da sun ce E. Wannan ma ba asara ba ce, tunda na bayansu suna zaune, sai aka matso da su. Kwamiti uku sun rufe kafin 4:00, na harsuna 4:10. Muka yi La'asar a cikin jam'i. Wanda aka gani ƙarshe ya samu mintocinsa 15 cif, kamar wanda aka gani farko.

Kar in ɓoye muku inda tsarin yake da iyaka. Duk lissafin nan a kan 'yan kwamiti yake tsaye. In ɗaya daga cikinsu bai zo ba, ko ya zo 9:40, babu gurbin da zai cece ka. Shi ya sa na ce su iso 8:15 a karya tare, kuma na ajiye malami ɗaya wanda ba ya cikin kowane kwamiti, ya san tambayoyin, yana jiran ko ta kwana. Ranar ba mu buƙace shi ba sai na minti 40, lokacin da aka kira wata malama daga gida.

In an ba ka irin wannan jerin, kafin ka tura saƙo ko ɗaya, ka ƙirga mintocin wunin, ka raba da gurbin gaskiya, ka cire na numfashi, ka ninka da yawan kwamiti. In adadin bai kai yawan mutanenka ba, ka koma wurin mai gidanka da takardar a hannu tun da sauran mako guda, ba ranar da mutane suka cika farfajiya ba.

A nan za mu dakata. Wanda yake son in turo masa samfurin jadawalin, ya yi magana, zan cire sunaye in saka. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu duba takardar makin kanta, yadda ake rubuta ta don mutum uku su auna abu ɗaya.